Amsar da Aka Ba Agogo

Agogo muke ce masa, don shekara tara ba a taɓa rubuta masa makara ko fashi ba a kamfaninmu na daskararren kifi. Siriri ne mai jajayen idanu, ga tsokana kamar ya haɗiyi rediyo. Aikinsa cikin ɗakin sanyi yake, inda ake jera kwalaye, inda numfashin mutum ke fita kamar hayaƙi. Ni kuwa sakatariya ce a ofishin kula da ma'aikata, rajistar zuwa aiki a hannuna take.

Sikila gare shi tun haihuwa, kuma sanyi ne babban abin da ke tayar masa da ita. Ranar da aka ɗauke shi aiki bai faɗa ba, don ya san da ya faɗa da sai dai a ce ya je za a neme shi. Amma abokan aikinsa sun sani. In ciwon ya kayar da shi, sai su raba kwalayensa a tsakaninsu, ɗaya ya sa masa hannu a rajista, ni kuma in kau da kai. Mu a ganinmu rufin asiri muke yi wa mai 'ya'ya huɗu. Har sau uku kamfani ya ba shi takardar yabo ta wanda bai taɓa fashi ba, muka yi ta tafi muna ƙunshe dariya.

Bara ƙugunsa ya fara lalacewa. Likita ya ce ƙashin ne ba ya samun jini, kuma in ya ci gaba da shiga sanyi yana ɗaukar kaya, wata rana ƙafar ba za ta ɗauke shi ba. Matarsa ta tasa shi gaba da kuka har ya yarda ya rubuta takarda. Ba wani abin azo a gani ya roƙa ba: a mayar da shi teburin ƙofa, inda ake duba kayan da ke fita, a zaune. Ya haɗa da rahoton likita ya miƙo mini, yana cewa in sa a sama kada ɓera ya riga manaja karantawa.

Manaja ba mugu ba ne, mutumin takarda ne kawai. Ya kira Agogo, ya saurare shi, sannan ya ce in kawo fayil ɗinsa da rajistar shekara tara. Ya yi ta juya shafuka yana gyaɗa kai. Da Agogo ya fita, sai manaja ya ce in zauna in buga amsa.

Da yatsuna na buga ta. Ta ce kamfani ya karɓi buƙatarsa da rahoton likita, yana kuma yi masa fatan sauƙi. Amma bayanan aikinsa sun nuna ciwon bai taɓa hana shi zuwa ko rage masa ƙwazo ba, ga kuma takardun yabo uku. Saboda haka ba a ga dalilin sauya masa wurin aiki yanzu ba, balle ma akwai mutum a teburin ƙofa. Za a ba shi riga mai kauri da safar hannu, da hutun minti goma a kowace awa, sannan a sake duba maganar bayan wata shida. In yana da ƙarin hujja, ya kawo cikin mako biyu.

Hujjar tana bakina. Na san aƙalla kwana sittin da ya yi a gadon asibiti alhali rajista ta ce yana cikin ɗakin sanyi. Sai dai sa hannu a madadin wani laifin kora ne, kuma mu bakwai ne a ciki. Na ji tsoro, na yi shiru, har yau kuma ina jin kunyar shirun nan.

A bakin ɗakin sanyi na kai masa. Ya karanta a tsaye, ya jingina da bango don ya sauƙaƙa wa ƙugun. Na ce masa in ya yarda zan je in faɗi gaskiya, kodayake a raina addu'a nake kada ya yarda.

"Ƙanwata, mutum nawa suka sa mini hannu?" ya tambaya.

Na ce shida, ni ce ta bakwai.

"To gida bakwai ke nan. Bar shi kawai."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce ko ba komai ya samu sabuwar riga.

Wata huɗu ya ƙara. Wata safiya aka same shi zaune a tsakanin kwalaye, ya kasa tashi, aka ɗauko shi a kan keken tura kaya. Washegari babba a cikin abokan aikinsa ya zo wurin rajista, ya ɗauki biro zai sa masa hannu kamar kullum. Na riƙe hannunsa, na karɓe biron. A gaban sunan Agogo na rubuta "rashin lafiya", karo na farko cikin shekara tara, saura wata biyu a sake duba maganarsa. Agogo bai sake dawowa aiki ba.