Gudumar Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tun ban san kaina ba sana'arsa ɗaya: dukan ƙasa. Ba wasa nake ba. Wani kamfanin awon ƙasa ne yake ɗaukarsa a bayan mota, a kai shi fili, a ajiye masa farantin ƙarfe, ya ɗaga ƙatuwar guduma ya maka. Da wannan ya yi aure, da shi ya rufa ɗakuna biyu da kwano, da shi ya riƙe ni bayan makarantu biyu da garejin wani bakanike sun gaji da ganin fuskata. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu, shi ya sa rigarsa kullum a karkace take. A gida ko kofi zai ajiye sai ya ajiye shi tsaf, sau ɗaya, ba ƙara. Matarsa tana kiransa Mai Guduma, ni kuma shi yana kirana Ƙafar Yawo.

Da ya ga zamana a gida ya zama fitina, sai ya ja ni wurin aikin, ni ne mai jan waya. Ga yadda abin yake. Kafin a gina wani abu mai nauyi, masu zane suna son sanin zurfin da dutsen gaske yake a ƙarƙashin ƙasa. Sai mu shimfiɗa doguwar waya a miƙe, mu soka wasu 'yan ƙarafa a ƙasa, tazara ɗaya tsakaninsu. Mu kunnuwa muke ce musu, don jin girgiza ne aikinsu. A jikin ƙotar guduma an ɗaure wani ɗan makunni: da ta taɓa faranti agogon na'urar da wayar take haɗe da ita zai tashi, kowane kunne ya faɗi lokacin da girgizar farko ta iso masa. Girgiza a cikin ƙasa mai laushi tafiyar mai jin yunwa take yi, a cikin dutse kuwa gudu take. Kunnuwan kusa, wadda ta bi ta sama suke fara ji. Na nesa kuwa, wadda ta nutse ta hau kan dutse ta ruga sannan ta ɓullo ita ke riga isa, kamar ɗan babur da ya zaga ta kwalta ya riga wanda ya yanke ta cikin yashi. Daga inda ta ƙasan ta fara cin tseren, da gudun kowacce, Injiniya take lissafa zurfin. Ni dai lissafin nan a nan na sauka.

Ranar da nake son ba da labarinta, gada za a yi a kan wani rafi. Masu kwangila sun riga sun haƙa wani rami a gefe, ruwa na tsattsafowa, sun kafa masa injin zuƙar ruwa yana ta jijjiga ƙasa har haƙoran mutum na rawa.

Injiniya, mace ce marar son hayaniya, ta je wurin shugaban leburorinsu.

"Don Allah a kashe mana injin nan na ɗan lokaci. Kunnuwanmu shi kaɗai suke ji."

"In ramin ya cika ke za ki kwashe da cokali?"

Ta koma ga Manajanmu, wanda yake cikin mota ya kunna na'urar sanyi. Ya sauke gilashi rabi.

"Ba zan ɓata da mai ba mu aiki a kan injin ruwa ba. Me muke biyan tsohon nan? Ya ƙara ƙarfi."

Akwai dabara: a yi ta bugu a wuri ɗaya, na'ura ta tara su, girgizar gaskiya ta ƙaru, hayaniya ta ragu. Dabarar tana aiki, amma a kafaɗar mutum take aiki. Kawu ya tofa yawu a tafinsa ya fara. Ya buga, ya buga, ya buga. Kunnuwan kusa suna fitowa a allon na'ura tsaf. Na nesa kuwa kamar kaji sun yi tono.

Manaja ya fito ya leƙa allon. "To ai ga shi nan, gudun ya canja a nan. Dutse ke nan. Rubuta."

"Ba dutse ba ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Wannan gudun mita dubu ɗaya da ɗari biyar ne a daƙiƙa, yashi ne da ya sha ruwa. Dutsen wurin nan zai ninka haka biyu ko uku. Kunnuwan nesa ne za su nuna shi, su kuma ba sa ji. In na rubuta dutse a mita bakwai, a kan laka za a dasa turakun gadar."

Sai Manaja ya juya kan Kawu, wanda ba ya iya mayar masa da magana. "Matsalar ke nan in ka riƙe tsoho don tausayi. Bugu ne wannan ko lallashi?"

Na ce, "Manaja, ga ƙotar nan, a nuna mana yadda ake yi a ofis."

"Rufe mini baki, Ƙafar Yawo," in ji Kawu, ko kallona bai yi ba. "Ba da kai ake ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan da shi. Mutum ya zage shi, shi kuma a kan faranti zai rama. Ya ci gaba. Ina kallon hannunsa na dama yana makara, na hagu na ɗaukar nauyin. Can ya ɗaga, gudumar ta tsaya a sama kamar tana shawara, sannan ta zame ta bayansa. Ya durƙusa riƙe da kafaɗa, gumi na zuba.

Muna ɗaure masa hannu da rawanin direba sai injin zuƙar ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare. Wurin ya yi tsit, har kukan kwaɗi muke ji.

"Yanzu! Yanzu!" Injiniya ta ɗaga murya. "Wa zai buga?"

Na ɗauka. Duk haushin da ke cikina na zuba wa farantin nan, fuskar Manaja nake gani a kansa. Gudumar ta yi tsalle ta sake faɗowa.

"Ka ɓata," Kawu ya ce daga zaune. "Bugu biyu ka yi, na'ura ta rikice. Sakarai, ba faɗa kake da shi ba. Sake ta ta faɗo da nauyinta, ka danne, kar ta tashi."

Na yi yadda ya ce. 'Yan bugu kaɗan, Injiniya ta ɗaga hannu. Kunnuwan nesa sun fito ɗaya bayan ɗaya, a jere. Ta danna lissafinta ta ce dutsen yana wajen mita goma sha tara, kuma sai an huda rami ɗaya an tabbatar.

Na yi tsammanin Manaja zai ji kunya. Ina! Dariya ya yi ya dafa ni.

"Kun gani? Jini sabo! Tsoho ya yini bai samo ba, yaro ya samo yanzu-yanzu."

"Injin ne ya mutu, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Da Baba ya samu shirun nan, da tuni mun naɗe waya."

"Koma dai mene ne. Baba ya je ya huta. Kai, gobe ka zo da wuri."

Na yar da gudumar a gaban takalminsa, kuma na yi niyyar faɗa masa inda zai ajiye ta. Kawu ya kira ni da hannun da ya rage masa.

"Ɗauke ta."

"Kawu, wallahi ba zan yi wa mutumin nan aiki ba."

"To wa zai ciyar da gidan? Bakinka? Ɗauke ta, kuma ka goge mata laka, makunnin ba ya son ruwa."

A asibiti suka ce jijiyar kafaɗar ta yage, ko butar alwala da hagu yake ɗagawa yanzu. Ni ke bugun. Rigata ta fara karkacewa. In na dawo da yamma yana zaune a ƙofar ɗaki, ba ya tambayar ko na gaji.

"Ta yi tsalle yau?"

"Sau ɗaya, Kawu."

"Sakarai."