Ranar Sunan da Waya ta Ƙi Caji

Ranar sunan ɗan ƙanena, sunan yaron yana cikin wayata, wayar kuma ta mutu. Ƙanen nawa direban babbar mota ne, haihuwar ta same shi a hanyar Agadas. Ya turo saƙon murya da sharaɗin kada in buɗe sai a gaban liman, daga nan ya shiga sahara inda babu sabis. Na bi sharaɗin ina cika ina batsewa, don da rigima muka rabu, wata biyar ba mu gaisa ba.

Kwana uku ba wuta a unguwarmu. Da safe na jona wayar da ɗan faifan solata, na ɗora su kan kwanon rumfa. Igiyar cajin gajera ce, dole wayar ta kwanta gefen faifan. A bazarar Illela! Na tafi rabon goro, na manta.

Da hantsi liman ya ce, “Alhaji, mi aka sa ma yaron?”

Na ɗauko waya, ta ƙona mini hannu. Ta farfaɗo, amma cajin ya tsaya a ɗigo, ga wani rubutu da ban iya karantawa, don a Ƙonni, tsallaken iyaka, na saye ta, Faransanci take ji. Ina taɓa saƙon ta sake ɗaukewa. Aka kira maƙwabcina ɗan canji, wanda ya yi lakwal, wato boko, a can. Na mayar da caja, rubutun ya dawo.

“Cewa ta yi ta ji zafi,” in ji shi. “Ta tsaida caji sai ta huce, kada batir ya lalace. Cire ta, tuɓe mata riga, aje ta inuwa.”

Waya wai ita ce mai jin zafi, mu da ke cikin manyan riguna fa? Na tuɓe mata robar, na kai ta ɗakin gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, na ce a bar ta ta huce.

Kuskurena ke nan. Gwaggo ta yi shekara sittin tana sanyaya ruwa da jiƙaƙƙen buhu. Da na dawo, na tarar da wayar a naɗe cikin tsumma sharkaf, an jingina ta da randa.

“Taɓa ka ji,” ta ce tana alfahari. “Kamar ƙanƙara.”

Ta huce kam. Ina sa caja wani sabon rubutu ya fito, da alamar ɗigon ruwa. Maƙwabcin ya karanta, ya dafe kai: ruwa ya shiga ramin caji, ba za ta karɓa ba sai ya bushe.

“To a mayar da ita rana mana,” in ji Gwaggo.

“Ranar da ta fito? Haba Gwaggo!”

Nan fa kowa ya zama likita. Mahauci ya ce a kara ta a bakin murhu. Wani ya ce a binne ta cikin shinkafa, aka duba, duk shinkafar gidan tana cikin tukunya. Ni kaina na karyo tsinken tsintsiya zan zura, maƙwabcin ya riƙe mini hannu. Ya ce wuta lalata batir take, shinkafa ba ta tsinana komai sai cusa gari a ramin, tsinke kuma ya karce ƙarafan ciki. In aka matsa mata caji da jiƙa, ramin ne zai ci. Ya juya bakin ramin yana kallon ƙasa, ya ɗan bubbuga ta a tafinsa, ya ajiye ta kan tabarma a zaure inda iska ke ratsawa.

Haka muka kewaye ta. Liman da kansa ya karɓi mafici yana yi mata fifita, ni da nake jiƙe da zufa ba wanda ya kula. Ragon suna ne kawai ya ji daɗin ranar. Ya ƙara awa uku a duniya, ya cinye ƙaiƙayinsa, ya fara gefen tabarmar baƙi. Ni kuwa ba irin abin da ban faɗa wa ƙanena ba a gaban mutane. Na ce shi komai nasa sai ya wahalar da ni, tun yana goye.

Sau biyu muka gwada tana ƙi. Dab da azahar ta karɓa, a inuwa, da batirin ajiya na maƙwabcin. Da ta yi ƙarfi na ƙure murya, na danna saƙon.

“Yaya,” in ji ƙanena, injin mota na ruri a bayansa, “sunanka na sa mishi. Kai ka riƙe ni da Baba ya rasu. Ka yafe mini.”

Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo, ga wayar a hannuna.

“Alhaji,” maƙwabcin ya ce a hankali, “ɗan matsa da ita gefe, kada ta sake jiƙewa.”