Kibiyoyin da na gani a dosiyensa

Shekarar da sojoji ke riƙe da ƙasa suna cewa za su shirya zaɓe su miƙa wa farar hula, lakol ɗinmu, makarantar aikin gona da ke Maraɗi, ta turo mu Cadawa koyon aiki na wata huɗu. Mu huɗu ne, aka ajiye mu a buro, wato ofishin wani shiri na taimakon manoma da makiyaya. Kowa zai yi bincikensa ya rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu, kuma tun ranar farko shef, shugaban buron, ya faɗa mana cewa gurbin aiki ɗaya ne tak, na wanda kundinsa ya fi kyau. Ni ɗan Gangara ne, ɗan manomi, na kuma sa wa raina cewa ba zan koma riƙon hauya ba ko da me za a yi.

Kwamfuta ɗaya ce a buron, tsohuwa, mai nishi in an kunna ta. A kanta ne nake da abin taƙama. Wani malaminmu ya taɓa nuna mini yadda ake tsara dosiye, wato jakar ajiyar takardu a kwamfuta, na riƙe abin kamar karatun sallah. Babban dosiye ɗaya da sunana, a cikinsa uku: na ɗaya darussa, na biyu ayyukan da ake ba mu, na uku memuwar. Cikin na memuwar akwai na bayanan da na kwaso daga ƙauyuka, wanda ba na taɓa abin da ke cikinsa sai dai in kwafa, akwai na hotuna, akwai na rubutu, sai wani da na kira tsofaffi inda nake jefa duk abin da na sake. Kowane fishiye, takarda ce ko hoto ko murya, da kwanan wata nake fara sunansa, shekara, wata, rana, don su jeru da kansu. Ba wani abin kirki ba ne, yaro ma zai koya cikin rabin awa, amma ni a lokacin ji nake kamar ni na ƙera na'urar.

Cikin mu huɗu mutum ɗaya ne ke hana ni barci. Ɗan makiyaya ne daga wata ruga bayan Gidan Rumji, dogo, marar yawan magana, ya girme ni da shekara uku ko huɗu don bai shiga lakol da wuri ba. Bincikensa a kan burtali ne, hanyoyin shanu da gonaki suka cinye. Ni takardar tambayoyi nake ɗauka in je in cika, shi kuwa sai ya zauna da tsofaffin makiyaya da yarensu, su faɗa masa abin da ba za su taɓa faɗa wa mai wando da biro ba. Da 'yar rakodar buro yake ɗaukar muryoyinsu, ya dawo ya juye a kwamfuta, ya share rakodar don mai bi masa ya samu wuri. Shef ya karanta babinsa na farko ya ce, "Wanga aiki ne." Nawa kuwa cewa ya yi in ƙara ƙoƙari. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai dai a gaban kwamfuta mutumin nan abin tausayi ne. Komai a fuskar allo yake zubarwa: muryoyi, hotuna, darussa, babi-babi na kundi, duk a cakuɗe har sun rufe hoton bayan. Sunayen kuwa sai ka riƙe ciki: memuwar, memuwar sabo, memuwar na gaskiya, memuwar na gaskiya biyu. Nakan tara sauran biyun in ce su zo su ga garke ya watse babu makiyayi. Su yi ta dariya, shi ma ya yi murmushi ya ce, "To ka koya mani mana, ɗan'uwa." In ce masa gobe. Goben nan ta kai wata uku.

Ana saura kwana goma sha biyu mu miƙa kundi, cuta ta cika kwamfutar, har shef ya hana kowa soka kile, ɗan abin nan na kwasar bayanai, a jikinta. Ya tara mu ranar Talata ya ce mai gyara zai zo daga Maraɗi ran Jumma'a ya wanke ta. Ya yi mana bayani dalla-dalla: cikin na'urar kashi biyu ne, C da D. C za a share ƙaf a zuba sabon tsari, kuma fuskar allo a cikin C take. D ba za a taɓa ba. Kowa ya kwashe kayansa ya kai D cikin dosiye mai sunansa. "Wanda ya bar abinai a C," in ji shi, "kada ya zo mani da kuka."

Ni dama nawa a D suke. Ran Laraba sai ga ɗan makiyayan nan ya same ni ƙarƙashin iccen bedin ƙofar buro, ya tsuguna kamar mai neman aure, ya ce don Allah yau kam in nuna masa. Na nuna masa a tsaitsaye, da faɗa, ina ƙwace linzamin daga hannunsa. Ga yadda ake buɗe sabon dosiye, ga uku a ciki, ka zaɓi abu ka danna ɓangaren dama na linzamin ka kwafa, ka je can ka danna dama ka liƙa. Na yi masa guda ɗaya na fita shan shayi.

Ya wuni a kai. Ran Alhamis da hantsi ya kira ni, fuskarsa cike da fara'a, ya ce in zo in duba masa. Wallahi ya yi tsari mai kyau, har ya fi nawa ta wani wajen, don ya raba muryoyin ƙauye-ƙauye, kowane tsoho da ranar da aka yi hira da shi. Ina buɗe dosiyen memuwar sai idona ya faɗa kan abin. Kowane fishiye yana da 'yar kibiya lanƙwasasshiya a kusurwarsa ta ƙasa. Na duba nauyinsu, hirar awa guda tana nuna kilobait ɗaya kacal, abin da ba zai yiwu ba. Nan take na gane abin da ya faru. In ka danna dama, kalmar liƙawa tana sama, ƙarƙashinta kuma daf da ita akwai ta liƙa gajeriyar hanya, ita ce ya yi ta dannawa. Abin da ya tara a D alamu ne kawai masu nuna inda kayan suke, kayan kuwa suna nan a C inda za a share.

Ya miƙa hannu ya danna ɗaya sau biyu, muryar wani tsoho ta fito tangaran. Dole ta fito, tunda asalin yana nan tukuna. Ya dube ni ya ce, "Ka ji, ya shiga. Ko da saura?"

Gyaran bai fi na minti biyar ba. In zaɓi kayan fuskar allo duka, in kwafa, in liƙa, shi ke nan. Daga baya na daɗe ina neman yadda zan ce ban lura ba, ko na yi niyyar dawowa na manta, amma ƙarya ce. Na tsaya ina kallon kibiyoyin nan, na tuna abin da shef ya ce a kan babinsa, na ce masa, "Ya yi daidai. Ka iya ke nan."

Ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya.

Mai gyara ya zo ran Jumma'a da safe, ya tambaya ko kowa ya kwashe, muka ce e, har da ni. Kafin a tafi masallaci ya gama, ya hau mota ya koma. Da la'asar kowa ya zauna duba kayansa. Nawa lafiya lau. Da layi ya zo kan ɗan makiyayan nan ya buɗe dosiyensa, komai na nan a jere, ya danna babi na ɗaya. Sai wani ɗan akwati ya fito da 'yar tocila tana lilo, wai ana neman abin da alamar ke nunawa. Ya jira. Ya danna na biyu, ya danna muryar tsohon nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, sun fi sittin. Guda ɗaya ne ya buɗe, wanda na kwafa masa da hannuna ran Laraba, kuma jadawalin darussan bara ne.

Shef ya leƙo, ya ga kibiyoyin, ya fashe da wata irin dariya da ban taɓa jin ya yi ba. Ya kira direba da mai gadi su zo su gani. Ya ce shekara uku ana koya wa mutum karatu, an ce ya kai shanu rijiya ya kai igiyoyinsu. Sannan ya ture shi gefe, ya buɗe dosiyena a gaban kowa, ya ce ga yadda mai hankali ke aiki. Sauran biyun suka sunkuyar da kai. Ni na tsaya ana yabona.

An kira mai gyara a waya, ya ce sabon tsari ya hau kan tsohon, da wuya a samu wani abin kirki, kuma ba zai sake zuwa ba sai wata mai kamawa. Rakoda babu komai a cikinta. Makiyayan da ya yi hira da su damina ta kore su arewa da dabbobinsu, ba mai ganinsu sai bayan girbi. Abin da ya rage masa babi ɗaya da shef ya taɓa bugawa a takarda, da wani ƙaramin littafi mai sunayen ƙauyuka. Ya roƙi a ƙara masa lokaci, lakol ta ce sai dai ya maimaita shekara.

Ran Lahadi ya ɗaure kayansa. Na raka shi bakin titi don kada a ce ban raka ba. Ina jiran ya tambaye ni, na ma shirya amsa, amma da ya buɗe baki sai ya ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗan'uwa. Kai da ka san abin ma ba ka gani ba, balle ni. Allah ne ya rubuta." Ya ciro littafin nan nasa da biro, ya buɗe shafin baya, ya ce in rubuta masa tsarin tun daga farko, daki-daki, don baɗi kada ya sake kuskure.

Na ɗora littafin a gwiwa na rubuta. Babban dosiye, uku a ciki, kwanan wata a farkon suna. A ƙasa na ƙara cewa in ya ga 'yar kibiya a kusurwa, ko nauyi ya yi kaɗan, to ba kayan ba ne, alama ce. Ya karanta a hankali yana bi da yatsa, har ya zo layin ƙarshe. Ya daɗe a kansa. Ya ɗago ya dube ni, ya rufe littafin ya sa a aljihu, mota ta tsaya ya shiga bai ce mini sai wata rana ba.

Ni aka bai wa aikin. Shi bai dawo lakol ba.