Jujin da Muka Rufe Bayan Tashin Tiga

Shekarar da ruwan Tiga ya ci garinmu, aka yanka mana filaye ta wajen Tudun Wada. Namu ya faɗo gab da wani tsohon ramin marmara da 'yan kasuwa da mahauta suka daɗe suna zuba shara a ciki. Lokacin ban jima da aure ba, 'yarmu ta fari tana rarrafe. Ƙuda bai barin mu mu ci tuwo a tsakar gida, ga hayaƙi yana tsattsafowa daga ƙarƙashin sharar ko ba wanda ya sa wuta.

Na yi ta zarya wurin duba-gari har ya zo ya gani. Ya ce za a sama wa kasuwa wani wurin zuba shara, zai kuma nemo mana tifa ta kawo yumɓu, amma aikin hannu namu ne. Mai unguwa ya sa aka yi gayya.

Muka fara danne wutar da ƙasa, muka baje sharar, muka yi mata doro don ruwan sama ya riƙa gangarewa. Sannan yumɓu, shimfiɗa kan shimfiɗa, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Hannuna duk ya yi kanta.

Kafin mu rufe tsakiya, duba-gari ya sa muka haƙa ramuka har cikin sharar, muka kafa bututai masu huda-huda daga ƙasa, muka cike gefensu da tsakuwa. Tsayinsu ya wuce na mutum. Baffana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ce, “Malam, mun rufe wari, kuma za mu buɗe masa ƙofa?”

“Baba, shara na ruɓewa a ciki, tana fitar da iska mai kama wuta. In ba ta sami hanya ta sama ba, sai ta fasa daɓen, ko ta bi ta ƙasa ta shiga ɗakunanku.”

Ya hana hura wuta kusa da bututan, ya hana gina rijiya a gefen. Da Baffa ya nemi ya yi wa ƙanena ɗaki a wurin, duba-gari ya ce ƙasar za ta daɗe tana lotsawa, bango ba zai tsaya ba. Baffa bai ji daɗi ba, amma ya haƙura.

Damina ta farko gefe guda ya lotsa, ruwa ya kwanta. Wasu suka ce sun gaji. Ni da Baffa muka ari jakai muka ci gaba da jido yumɓu, sannu a hankali sauran suka dawo. Muka zuba ƙasar noma a sama, muka dasa ciyawar kiri-kiri don ta riƙe ta. Dalbejiya kuwa can bakin fili muka jera ta, kada saiwa ta huda daɓen.

Sai da aka yi damina da dama kafin wurin ya zauna, duba-gari ya yarda a taka shi. Da kaka mata kan shimfiɗa tabarmi su shanya barkono da kuɓewa, da la'asar samari su buga ƙwallo. In wani wuri ya tsage, wanda ya fara gani shi ke ɗauko kwandon ƙasa.