Amshin da Na Bar wa Malam

Mijina direban babbar mota ne. Tumatir da attaruhu yake ɗauka daga Zariya zuwa kudu, kuma kayan gwari ba sa son rana, saboda haka tafiyar dare ce. Ni kuwa Allah Ya yi ni da fargaba. In ya fita daga gidanmu na Ƙofar Kibo bayan la'asar, abu ɗaya nake juyawa a raina har asuba: kada barci ya sace shi a kan sitiyari.

Goro ya daina yi masa aiki, shayi kuma cika masa mara yake yi. Sai ya koma ga waƙa. Ya gwada masu taushi, ya ce kamar ana jijjiga shi a goye. Ya gwada na zamani masu ƙarar ganga, ya buɗe su har ƙarshe. Da farko idonsa ya washe, kafin Kaduna kansa ya fara sarawa, ya kashe, shirun da ya biyo baya ya fi komai kawo gyangyaɗi. Karatu kuwa ya ce ba zai mai da shi maganin barci ba, ga shi yana sa masa natsuwar da ba a so a kan hanya.

Wata rana ina daka, ina rera waƙar da mahaifiyata ke yi a ƙauyenmu na bayan Kufena, sai na ji ana amsa mini daga bakin rijiya. Shi ne, da buta a hannu.

"Malam, waƙar mata ce fa."

"To, Hajiyata, matan sun yi rajistarta ne? Sake jefo ta."

Na jefa, ya amsa. Ya ce ai wannan ita yake nema. Ba ta gudu, ba ta jan ƙafa, kuma tana sa bakin mutum aiki.

Na daɗe ina wasiwasi, don ba shi kaɗai ne a motar ba, akwai abokin tuƙinsa, ɗan ƙanen babansa. Yaya muryata za ta riƙa yawo a kunnen wani? Malam ya ce ƙanensa ne, in ba haka ba ma barci yake yi a gadon baya. Sannan na yarda na ɗauka a wayarsa. Nakan rera baiti, in yi shiru daidai tsawon amshi, in ci gaba. Na sa masa kalmomina: "Mai tafiya, kana ina?" Shi kuma ya ce, "Ga ni nan tafe." Na yi ta daka, na yi ta niƙa, na yi ta tankaɗe, kowace da tafiyarta, don ya ce in murya ɗaya ta daɗe kunne yakan daina jin ta. In wata ta fara gundurarsa sai in sauya.

Amma na kafa masa sharaɗi. Na ce waƙa ba ta biyan bashin barci. Duk lokacin da gurbin amshi ya wuce bai amsa ba, to barci ya riga ya shigo, ya nemi wuri ya tsaya.

"Ko kayan mutane za su ruɓe?"

"Su ruɓe. Ka rantse mini."

Ya yi dariya, ya ce an ba shi mata an haɗa masa da jami'in hanya. Amma ya rantse.

Shekaru muka yi a haka. In ya dawo, tun daga zaure nake tambaya, "Ka sha amshi?" wato ko gurbi ya wuce shi bai amsa ba. Wani lokaci ya ce ko ɗaya, wani lokaci ya ce ya sha, ya kwanta a gefen hanya.

Ƙanen nasa ne ya faɗa mini yadda aka yi, bayan addu'ar bakwai. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakina bai ɗago kai ba.

"Yaya, wallahi bai saɓa miki ba. Ni na tuƙa da farko, na gaji, ya karɓa. Can na ji muryarki ta tambaya, bai amsa ba. Sai ya ce, 'Na sha amshi, bari mu tsaya.' Ya sauka daga kwalta sosai, ya kunna fitilu, ya sa alama a baya."

Shi ƙanen ya zaga bayan gari, Malam kuwa ya kwanta a cikin motar. Wata tirela ta taho daga gaba, direbanta ya yi barci, ta bar hannunta ta daki kan motar. Ya ce da mutane suka taru, kiɗa na ta tashi da ƙarfi daga cikin tirelar, ba wanda ya tuna ya kashe.

Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani da haka. Amma in na idar da salla sai lissafi ya dawo. Da bai tsaya ba fa? Da ya tsaya gaba kaɗan? Sai in tuna da bai tsaya ba, wataƙila shi ne zai afka wa wani mai barci a gefen hanya. In yi istigfari, gobe in sake.

An kawo mini wayar, gilashinta a tsage, amma tana yi. Sau ɗaya na kunna. Na ji kaina ina tambayar mai tafiya yana ina, sai shirun nan da na auna da kaina, daidai tsawon numfashinsa. Ban iya jira baiti na biyu ba.

Yanzu inji nake kai hatsi. Turmin yana kife a bayan ɗaki.