Ruwan da Bai Iso Tirwun Ba

A shekarar da nake magana a kai, damina ta yi mana wasan ɓuya. An yi ruwa biyu masu kyau, kowa ya ruga gona ya yi shuka, daga nan sama ta ɗauke cak. Mako uku babu ko ɗigo. Dawar mahaifina da ke gonarsa ta Tirwun ta fito, ta yi ganye uku, ta murɗe, ta mutu.

Dawar nan gadon kakana ce, fara mai dogon kai, ba a sayar da irinta a kasuwa. Maƙwabta duk sun koma masara da iri mai saurin nuna, Baba kaɗai ya ƙi. Kowace kaka yakan zaɓi kawuna mafi kyau ya rataye a ɗakin girki hayaƙi ya tsare su. Bayan shukar farko ta mutu, abin da ya rage masa bai fi tiya ɗaya ba. Kuma dawa ce mai cin lokaci, in aka makara raɓa ba za ta ƙarasa ta ba.

Ni kuwa a lokacin ina shekarata ta biyu a ofishin hasashen yanayi, ina ji da kaina kamar ni nake riƙe da makullin hadari. Aikina karanta ma'aunai da duba hoton rada a kwamfuta. Rada na'ura ce mai juyawa a kan hasumiya, tana harba igiyar rediyo sama. In igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa, wani ɓangarenta yakan dawo, kamar yadda dutse ke dawo wa mutum da muryarsa. Jinkirin dawowar shi ke faɗin nisa, ƙarfinta kuma ya faɗi yawan ɗigon da girmansu. Kwamfuta ta mayar da wannan launi: kore yayyafi, rawaya ruwa sosai, ja kuwa a kwashe shanya. Mu a Bauchi ba mu da tamu, hoton wadda ke wani gari mai nisa ake turo mana.

Kullum bayan azahar Baba sai ya kira ni. “Malamar ruwa, me na'urarku ta ce yau?” Kullum in ce babu komai. Na gaji da faɗar kalmar nan har na fara jin haushin wayata. Ya rame, ya daina cin tuwon dare sosai, da safe sai ya fita ƙofar gida ya yi ta kallon gabas.

Wata Laraba da rana na ga abin da nake roƙo. Wani curi ya taso daga gabas, rawaya da ja a tsakiya, yana tahowa kai tsaye wajenmu. Na lissafa tafiyarsa, sa'a biyu zai iso. Na yi wuf na ɗauki jaka.

Ogana, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya ɗago kai daga rajista. “'Yata, ina zuwa haka?”

“Tirwun, Oga. Ga ruwa nan.”

Ya dubi allon, ya dube ni. “Ke kika karanta laimar iska ɗazu. Nawa kika rubuta?”

Na san abin da na rubuta. Iskar ranar a bushe take ƙamas, kamar ba damina ba. Amma na ce, “Oga, ja ne fa. Dubi.”

“Na gani. A ina yake ja ɗin? A sama ko a ƙasa?”

Na yi kamar ban ji ba. A raina na ce tsofaffi ba su da aiki sai kashe wa mutum gwiwa. Na tari Keke mai ƙafa uku, na ɗauke shi shata ni kaɗai har gona, a hanya na kira Baba na ce ya ɗauko irin da sungumi.

Na same shi a gindin ɗorawa, ƙwaryar iri a cinyarsa. Abin da nake so ya yi shi ne binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, in ya sauka ya tarar da shi a ciki. Baba bai taɓa son binne ba. Shi sai ruwa ya sauka, ya tona ƙasa da hannu ya ga laima ta wuce tsawon yatsunsa.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “wannan ne na ƙarshe. Mu bari ya sauka mu gani.”

“Baba, kwana nawa ya rage mana? Na gan shi da idona. Ba yayyafi ba ne, ruwa ne na cika rafi. Don wannan aka tura ni makaranta.”

Ya daɗe yana juya irin da yatsa. Sannan ya ce, “To, ke kika gani.” Ya miƙe.

Yana gaba yana sara da sungumi, ina baya da takalmin ofis a hannu, ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Ƙasa na ƙona tafin ƙafata. Gabas ta yi baƙi, aka fara rugugi. Muna zuba ƙwayar ƙarshe iska mai sanyi ta kaɗo, Baba ya yi hamdala da ƙarfi.

Na ɗaga kai. A ƙarƙashin hadarin ga ruwa nan yana saukowa zare-zare, amma kafin ya kai rabin hanya sai ya dishe ya ɓace. Nan na gane kuskurena, don a aji an nuna mana hoton wannan. Igiyar rada tana tafiya a miƙe ne tana ɗan hawa, ƙasa kuwa tana lanƙwasa a ƙarƙashinta. Kafin ta iso kan Bauchi daga inda aka harbo ta, ta yi sama da kilomitoci. Ɗigon da ta gani na gaske ne, amma can cikin gajimare. Abin da ke faruwa tsakanin nan da ƙasa ba ta gani, kuma busasshiyar iskar nan da na auna da hannuna tana shanye su a hanya.

Da ma bai sauka ko kaɗan ba, da irin ya kwanta lafiya ya jira. Sai aka yi ɗan ruwa na ƴan mintuna, wanda ya jiƙa ramukan kawai, ƙarƙashi kuwa ƙura. Wannan shi ne abin da manomi ya fi tsoro: ruwan da zai tashi iri daga barci ya tafi ya bar shi.

Kwana huɗu tsiro ya leƙo. Na ɗauki hutu, na yi ta jido ruwa daga rijiyar wani sabon gini da ke gefen gona, bokiti biyu a hannu, har tafina ya ɗaye. Ina zubawa ƙasa na shanyewa kafin in juya. Ina kuka ina zagin kaina a fili. Baba ya bi ƙauyuka uku yana tambayar mutanen da ya taɓa ba irin, ko akwai mai sauran kai ɗaya a rumbu. Babu. Ranar da tsiron ƙarshe ya kwanta, ya tsuguna ya murje shi a tafinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan kwana tara na koma ofis. Ranar iska ta yi nauyi da laima, gumi ya ƙi bushewa a jiki, ja ya cika gabashin allon. Oga da kansa ya ce yau kam sai an kwashe shanya. Bayan azahar waya ta yi ƙara.

“Malamar ruwa, me na'urarku ta ce?”

Na ce, “Ban sani ba, Baba.”

Ta cikin wayar ina jin ɗigon farko na bugun kwanon gidanmu.

“Ba komai, Uwata,” ya ce. “Ko kin sani, me zan zuba a ramin?”