Saƙon Bafaranshe Mai Sayen Citta

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyar da Faransanci a wata sakandare a Kafanchan, darasin da ɗalibai suke ɗauka lokacin hutu ne. Ranar da aka tuna ina da amfani ita ce ranar da kawuna, shugaban ƙungiyar manoman citta ta ƙauyenmu, ya zo makaranta da takardu a cikin leda. Imel ne daga wani ɗan kasuwa Bafaranshe. A lokacin ba mu da inda ake karɓar imel, sai wani shagon kwamfuta a Sabon Tasha, su buga a takarda, direban mota ya kawo.

Manoma sun riga sun riƙe cittarsu saboda wannan mutum, tun da aka ji yana neman saye, har da mahaifiyata, wadda noman shekararta duka yana jibge a ɗaki, an tsaga an shanya an zuba a buhu. Dillalai sun zo ta kore su. Ta ce Bature take jira.

Ban taɓa ganin mai surutu irin Bafaranshen nan ba. Ya fara da gaisuwa, ya shiga labarin gwiwarsa da aka yi wa aiki, ya taɓo citta, ya koma kan sanyin garinsu da auren 'yarsa, ya sake dawowa kan citta ya faɗi abin da ya riga ya faɗa. Na bi takardun da jan biro ina ja wa duk abin da ya shafi ciniki layi. Na haɗa waɗanda ya maimaita, na zubar da hira, na jera sauran da Hausa. A sama na sa abin da ya yanke: zai saya, busasshiya tsagaggiya, ba ferarriya ba. Sai abin da yake so mu yi: mu aika samfuri, mu faɗi yawan buhunan da muke da su, da farashi har tashar jirgin ruwa ta Legas. Gaban kowanne na bar gurbin sunan wanda zai yi. A ƙasa na rubuta da manyan baƙi cewa amsa ta isa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba zai saya a Indiya. Wannan magana a tsakiyar labarin auren ya cusa ta. Duka bai cika shafi ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikina.

Bayan sujada ranar Lahadi dattawa suka zauna a bencin bayan coci. Kawu ya ɗaga takardun Bature a hannu ɗaya, tawa a ɗayan, kamar mai awo.

"Malama, wannan duka shi ne ya koma wannan?"

"Shi ne, Kawu. Sauran gaisuwa ne da labarin gidansa."

"Mutum zai biya kuɗi ya aiko takarda daga Faransa don gaisuwa? Ɗan aika ba ya rage saƙo. Abin da an ba ka, shi za ka kawo."

A wurinmu haka ne. In an aike ka, da gaisuwar za ka fara, ka faɗi komai yadda aka faɗa maka, manya su tsince abin da suke so. Wanda ya taƙaita, ana ganin ya ajiye wa kansa wani abu. Na ce in karanta masu duka nan take, baki da baki. Kawu ya ce ai bakin ɗaya ne. Wani dattijo ya ƙara da cewa wataƙila akwai kamashon da zan ci a ciki, ya yi dariya, amma ba wasa yake ba. Abin ya ƙona mini rai, har yau kuma bai huce ba.

Na ce to, a aika samfurin kafin nan. Suka ce ba a sayen biri a sama, sai sun ji komai. Suka ba wani ɗan coci takardun ya kai wa wani malamin jami'a a Zariya ya fassara kalma da kalma. Malamin ya yi tafiya. Kullum na je gidan Kawu sai ya ce, "Ki yi haƙuri, yana zuwa."

Fassarar ta iso bayan wata ya ƙare. Aka karanta ta daga farko har ƙarshe, dattawa suna gyaɗa kai, suna jajanta gwiwa. Sai aka zo kan maganar Indiya. Babu wanda ya dubi inda nake zaune. Suka sa ni na rubuta amsa duk da haka, Bafaranshen ya mayar da layi biyu: yana baƙin ciki, ya riga ya saya. Ashe ya iya gajarta magana in ya ga dama.

Kafin nan ruwan farko ya sauka, cittar da ke ƙasan tarin mahaifiyata ta fara fumfuna. Ɗaya daga cikin dillalan da ta kora ya dawo, ya soka hannu a buhu, ya shinshina, ya faɗi abin da ya ga dama. Ta sallama. Ina taya ta share ɗakin bayan an kwashe, ba ta zagi Kawu ba, ba ta zagi Bature ba. Ta dai tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Ke kin san mutanenki. Me ya sa ba ki yi masu saƙon dogo ba?"